Wa ya taɓa tura linki ta tes ya ƙi dannuwa? Ku zo mu haɗa kai

Malam na Ƙofar Marusa:
Salam jama'a. Ni ke riƙe da rajistar wata islamiyya a nan cikin gari, muna shirin walimar sauka sai muka yi fom a intanet don iyaye su cike, da yake ba kowa ke guruf ɗinmu na WhatsApp ba sai na tura ta tes na bai-ɗaya zuwa lamba 240. Wallahi tun bayan la'asar wayata ba ta huta ba. Wani ya ce rubutun baƙi ne ƙirin bai dannuwa, wani ya ce ya yi shuɗi amma in ya danna sai a ce babu shafin, wata hajiya kuma ta ce ita saƙo biyu ta gani. Kuma kuɗin saƙo 480 aka cire mini. Ga abin da na tura, sunan shafin kawai na canza:

```
Salam iyaye. A cike fom ɗin walimar sauka kafin Alhamis:example.com/walima-1447.Mun gode
```

Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labari don Allah, Alhamis ta matso.

Abban Sadik:
Malam ai data ce ba su da ita. Mutanenmu sai data ta ƙare su ce linki ne ya lalace.

Maman Ilham:
A'a Abban Sadik, ko ba data ai yana yin shuɗi, buɗewa ce dai ba zai yi ba. Ni abin da ya same ni daban, ina sayar da atamfa da leshi daga gida, na rubuta linkin da hannuna maimakon in kwafo, ashe duk sanda na sa ɗigo sai kibod ɗin ya ƙara tazara da kansa ya mai da harafin gaba babba. Kwana biyu ina jin haushin kwastomomi ba su duba kaya ba, sai da ƙanwata ta nuna mini a wayarta, linkin ya rabe gida biyu kamar an sa wuƙa. Tun ranar kwafowa nake in manna, ban ƙara bugawa da hannu ba.

Mai gyaran waya:
Malam, matsala uku ce a saƙonka, kuma ba laifin wayoyinsu ba ne. Shi tes zallar rubutu ne, babu wani linki a cikinsa. Wayar mai karɓa ce ke duba rubutun, in ta ga abin da ya yi kama da adireshi sai ta shafa masa shuɗi, shi ya sa saƙo ɗaya kan fito daban-daban a wayoyi.

To kai ba ka sa `https://` a gaba ba, kuma ka manne shi da Alhamis ba tazara, wata wayar za ta gane wata ba za ta gane ba, su ne masu cewa baƙi ne. Sannan a ƙarshe ka manna masa ".Mun", waya ba ta san godiya kake yi ba, sai ta haɗa da shi ta tafi neman shafin `walima-1447.Mun` wanda babu shi a duniya.

Na ukun shi ne wanda mu Hausawa ya fi cin mu kuma ba kowa ya sani ba. Tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka in duk haruffan boko ne na yau da kullum. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, ɗ ko ƙ ko ɓ, ko alamar ₦, ko ɗan hoton murmushin nan, sai a canza wa saƙon gaba ɗaya tsari ya koma 70 kacal, in ya wuce a yanka shi 67-67. Na zauna na ƙirga naka, 88 ne har da tazara. Da "din" ka rubuta da saƙo ɗaya ne, "ɗin" ɗin nan shi ya ja maka 480. Kuma duba inda wuƙar ta faɗa, in sunan shafinka na ainihi tsawonsu ɗaya da wanda ka sa a nan, harafi na 67 daidai ƙarshen `example.com` ne, ragowar `/walima-1447` ya tafi kashi na biyu. Yawancin wayoyi suna ɗinke su kafin ka gani, amma in ba su ɗinku ba sai a samu abin da hajiya ta gani.

Dan Daura:
Ikon Allah, ashe rashin sa lankwasar da ake mana fada a kai yana da ranarsa. Ni dinki nake a Daura, nawa na WhatsApp ne, na sa a tes don masu kayan sallah su yi mini magana kai tsaye, na rubuta `wa.me/` na bi shi da lambata yadda take da sifili a gaba. Yana dannuwa sarai amma sai ya ce lambar ba daidai ba, har wani ya zo shago yana cewa na rufe layi na gudu da shaddarsa. Ashe sifilin ake cirewa a fara da 234, ba alamar tarawa, ba tazara.

Abban Sadik:
To ai da sauƙi, a gajarta shi da `bit.ly` kowa ya huta, gajeren linki bai taɓa ƙin dannuwa.

Mai gyaran waya:
Rabin gaskiya ke nan yallaɓai. Yana rage tsawo, wannan haka ne. Amma 'yan damfara sun ɓata masa suna, manhajar tes tana iya jefa saƙon cikin `Spam` ko ma a tare shi a hanya, kuma mai hankali in ya ga linkin da bai nuna inda za shi ba sai ya ƙi taɓawa. Sannan wutsiyarsa tana bambanta babban harafi da ƙarami, wanda ya kwafa da hannu ya sa ƙaramin harafi a wurin babba ya ɓace.

Anti Nurse ta Sabuwar Unguwa:
Ni ɗaya ce cikin masu karɓa ba masu turawa ba. iPhone gare ni, in baƙuwar lamba ta turo linki sau da yawa a mace yake zuwa, sai na ajiye lambar ko na ba da amsa sannan ya farfaɗo, WhatsApp ma haka yake mini da lambar da ban ajiye ba. Da farko haushi nake ji, yanzu kuwa na gode Allah, don an taɓa turo mini wai in amsa da harafi ɗaya sannan in danna in karɓi tallafi. Dabara ce ta su sa ka buɗe musu ƙofa da hannunka. Don Allah ku ja kunnen iyayenmu kan wannan, kar garin gyaran linkin Malam mu koya musu amsa wa kowa.

Malam na Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. Na gyara haka, na fara gwadawa a wayata da ta uwargida da ta wani ɗalibi kafin in saki:

```
Salam iyaye. A cike fom din walimar sauka kafin Alhamis. Mun gode.
https://example.com/walima-1447
```

Linkin shi kaɗai a layinsa, ba komai a bayansa ko ɗigo. Wannan karon 240 aka cire, kuma kafin isha'i an cike sama da saba'in. Masu ƙaramar waya mai madanni dama na san sai dai su turo yara su karɓi fom na takarda. Abin da ya rage mini mutum biyu ne masu iPhone, sun ce har yanzu a mace yake, kuma saƙon da sunan makaranta yake fita ba lamba ba, to ina za su ajiye, wa za su amsa wa?

Mai gyaran waya:
Irin wannan mai suna dama ba a amsa masa. Su kwafi saƙon su manna a burauza su goge sauran rubutun, ko kai ka tura musu daga layinka da suke da shi. Amma ni na ga iPhone da ke buɗe na masu suna lafiya lau, ka ce ɗayansu ya biyo ta shago gobe bayan azahar in duba saitin da idona.