Sunan ɗan zomo ya gagare ni, ku taimaka

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta jerin littattafan hoto na yara 'yan shekara 2 zuwa 4, jarumin kuma ɗan zomo ne mai yawan tambaya. Zane ya kammala, suna ne ya tsayar da ni wata guda cur.

Da farko na sa masa Ƙyalƙyal, don yana son dariya. Da na gwada a bakin 'yata mai shekara 3, sai ta ce "Talkal". Ƙ ɗin ta ɓace, ga baƙaƙe biyu sun haɗu a tsakiya. Na koma Tsururu, nan ma ts da r suka kayar da ita, ta ce "Sululu". Abin da na lura shi ne, bakinta ya fi sakewa da gaɓa biyu masu maimaici, irin Baba, Mama, Dada.

Sai na gwada Bubu. Ta faɗe shi tangaram, amma kakarta ta ce ai sunan mutane ne, kada a laƙaba wa dabba. Dodo kuwa tsoro zai ba su.

To malaman rainon yara da iyaye, in bar Sululu tunda bakin yaro ne ya ƙera shi, ko akwai wani mai gaɓa biyu da bai ci karo da sunan kowa ba?