Ramin kifina: QGIS ya ce 410, mai katafila ya ce 900

Mai ramin kifi, bakin kogi Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa, abin nan ya hana ni barci. An haƙa min ramin kifi, baki metir 30 da 20, zurfi 1.5, ƙasar da ta fito anka yi min ganuwa da wata kewaye da ramin, sauran kamiyo ya kwashe. Ɗan wana ya tashi diron kafin haƙa da bayan haƙa, ya samu taswirar tsayin ƙasa biyu, ya cire wannan daga waccan a manhajar taswira ta QGIS ya samu metir kub 410, shi kuwa mai katafila ya dage kuɗin metir kub 900 zan biya. Wa ke da gaskiya don Allah, ba na son cin haƙƙin kowa amma kuɗin da yawa.

Mai awon ƙasa, Tawa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Dukansu biyu sun kauce. 900 ɗin 30 sau 20 sau 1.5 ne, kamar ramin akwati ne, alhali gefensa gangare ne. In gangaren ya ci metir 3 kowane gefe gindin ramin 24 da 14 ne, lissafin hannu na ba da wajen 693. Shi kuma yaron ina zargin ya tara komai wuri ɗaya, wurin da ƙasa ta ragu na ba da lamba mai ƙari, ganuwar da ta tashi na ba da mai ragi, sai su cinye juna. Ya ware haƙan shi kaɗai a Raster Calculator:

```
("kafin@1" - "bayan@1") * (("kafin@1" - "bayan@1") > 0)
```

sai ya ɗauki sum da Zonal statistics cikin iyakar wurin, ya ninka da girman filin fiksel ɗaya, wato tsawonsa sau faɗinsa. In fiksel ɗin rabin metir ne to sau 0.25, ba sau 0.5 ba, nan ma mutane na faɗawa.

Ɗalibi, jami'ar Abdou Moumouni:
Malam ni da SRTM, taswirar tsayin ƙasa da anka ɗauko daga sararin samaniya, nake irin wannan, kyauta ne, me ya sa sai an wahala da diron?

Mai awon ƙasa, Tawa:
Ƙanena fiksel ɗin SRTM metir 30 ne, ramin Alhaji duka bai cika guda ɗaya ba, kuma a shekarar 2000 anka ɗauke shi, ina zai ga ramin bana.

Shugaban leburori a aikin hanya:
Ni abin da ya same mu daban ne amma ku ji. Hanyar jan ƙasa munka yi, kilometir ɗaya faɗin metir 10, lissafin ciko ya fito da ƙarin kusan metir kub 1000 da babu wanda ya ga an zuba, munka yi ta zargin direbobi. Ashe turken simintin da anka ɗauki tsayi a kansa awon farko mota ta take shi, ya nutse santimetir 10, awo na biyu anka sake ɗorawa a kansa da tsohuwar lambar. Santi 10 a kan metir kare 10,000 kun ga 1000 ke nan cif. Yadda munka gane, mai awo ya duba bambancin a kan wani dutse da bakin wata tsohuwar gada da ba a taɓa ba, maimakon sifili ko'ina 0.10 yake nunawa. Alhaji ka sa yaron ya duba wurin da katafila ba ta je ba, a naka santi 10 metir kub 60 ne a bakin ramin kaɗai.

Wata mai kiwon tarwaɗa:
Ni dai kamiyo nake ƙirgawa, shi ne ba ya ƙarya.

Shugaban leburori a aikin hanya:
Hajiya yana yi. Ƙasa in an haƙe ta kumbura take, laka na iya ƙara kashi 25 cikin 100 ko fiye, abin da yake 690 a rami ya koma wajen 860 a bayan mota, ga direban da ba ya cikawa.

Mai ramin kifi, bakin kogi Yamai:
Malam Allah shi saka. Yaron ya sake, sum ya fito 2760, sau 0.25 ya ba da 690, ganuwa ita kaɗai 280, to ga 410 ɗinsa nan. Gefen hanya da ba a taɓa ba santi 2 zuwa 3 ne bambancin. Sai dai ya ce ranar tashi na biyu ruwa ya ɗan tsatso a kusurwar gindin ramin.

Mai awon ƙasa, Tawa:
To diron fuskar ruwa yake gani ba gindi ba, nan an rage wa mai katafila kaɗan. A shiga da sanda a auna zurfin ruwan wuri huɗu ko biyar a ƙara masa.

Mai ramin kifi, bakin kogi Yamai:
Za a yi gobe in sha Allah. Na nuna wa mai katafila 690 ya yarda da lissafin, amma yanzu cewa yake shi ƙasar da ya ɗaga yake nufi, wato kumburarriya, ni kuma rami na saya, kuma ba mu rubuta wanne ba ranar ciniki. Ku da kuke santiye kullum, da wanne kuke biya?