USSD ko SMS ga manoman da ba su da data?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Haɗeja za ta raba taki, kuma yawancin mambobi ƙananan wayoyi gare su, ba su da data. Muna so kowa ya zaɓi buhu nawa yake buƙata, sannan ya san ranar karɓa. Kuɗinmu na hanya ɗaya ne kawai, wacce za mu bi?

Mai shagon waya: Ku buɗe zauren WhatsApp, kyauta ne.

Injiniya: Malam ya ce ba su da data. Zaɓen buhu aikin USSD ne, wato lambar da ake dannawa mai farawa da * ta ƙare da #, domin mutum yana danna 1 ko 2 amsa ta iso nan take. Sai dai da zarar an rufe, babu abin da ya rage a wayar, saboda haka ranar karɓa sai SMS. Ku kula da ƙ, ɗ da ɓ: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma harafi mai lanƙwasa ko guda ya shiga, sai ya koma 70. Sanarwa mai harafi 150 za ta zama saƙo uku, a caje ku uku.

Hajiya mai adashi: Ni dai USSD ya ƙona ni. Wani kamfani ya yi mana mai matakai shida, matanmu kuwa a hankali suke karatu, kafin su kai mataki na huɗu layi ya yanke, sai a koma farko. Wata dattijuwa ta yi ta gwadawa har ta zo gidana tana kuka, tana zaton an cire sunanta. Da muka koka, sai suka ce laifin sabis ne, amma kuɗin hayar lamba na wata-wata ba su fasa karɓa ba.

Injiniya: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya, amma matsalar tsari ce. Matakai uku sun isa, kuma ana iya ajiye inda mutum ya tsaya.

Hajiya mai adashi: Kai a ofis kake gwadawa, ɗana. Mu a ƙauye muke.

Mai shagon waya: SMS ɗin ma naira 4 ne kacal.

Malamin gona: Tun 2025 ya koma naira 6, kuma farashin masu tura saƙo da yawa daban ne. Ku tambaye su ko saƙonku zai shiga layin da ya tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla, domin namu an ɗauke shi talla, manoma da dama ba su gani ba.

Direban Gumel: Babana kuwa saƙo ba ya buɗuwa sai jikansa ya dawo daga makaranta, takin sai ya jira a tashi!

Sakataren ƙungiya: Na gode. To, wa ke biyan kuɗin USSD ɗin, mu ko manomi?

Hajiya mai adashi: Ka tambayi masu banki. Jiya an cire mini naira 6.98, kuɗin da na tura kuma bai tafi ba. Wa zai mayar mini?