Shafin ya ƙi karɓar takarduna, kuma ran Jumma'a za a rufe

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Daga Tahoua nake, ina cika dosiyen neman tallafin karatu. Baba ya saida rago don kuɗin takardun nan, ni ce babba a gida, kowa ya zuba mini ido. An ce a haɗa diflom da takardun sakamako a PDF guda, kar ya wuce 2 Mo. Na yi sikan a siber, shafi huɗu, ya fito 14 Mo, aka ce "Fichier trop volumineux". Na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya maido mini, nauyin ya ragu, na canza sunan, yanzu kuma "Format non valide". Don Allah ya zan yi?

Mai siber a Yamai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki faɗi yadda kika canza sunan ba, amma na san .jpg kika goge kika rubuta .pdf. Shafin ba sunan yake dubawa ba, cikin fayil ɗin yake leƙawa. PDF na gaskiya da %PDF yake farawa, naki kuwa har yanzu hoto ne. Ki watsar da shi.

Nauyin kuma daga dpi ne, wato yawan ɗigon da sikan ke ɗauka a kowane inci. Mai yiwuwa a 600 aka yi miki, da kala. Takardar A4 a 600 dpi tana ba da ɗigo kusan 4960 a faɗi, 7016 a tsawo; a 200 kuwa 1654 da 2339 ne, kashi ɗaya cikin tara ke nan, kuma rubutu na karantuwa sarai. Ki koma siber ɗin da takardun, ki tsaya a kan mai sikan ɗin ya sa 200 dpi, ya zaɓi "Niveaux de gris", ya fitar da PDF mai shafi huɗu kai tsaye. Lissafin: 2 Mo a raba huɗu, kowane shafi 500 Ko, to ki nemi 400 zuwa 450 don a bar sarari. Kar ya taɓa "Noir et blanc", wannan baƙi da fari ne zalla, hatimin da bai sha tawada sosai ba ɓacewa yake yi ko ya zama dunƙulen baƙi.

Ɗan Ader: Duk wannan dogon zance ne. Ki sa shi a shafukan nan na rage nauyin PDF, ki zaɓi matsi mafi ƙarfi, minti ɗaya an gama.

Mai siber a Yamai: Zai ragu, amma matsi mafi ƙarfi yakan narkar da ƙananan lambobi, 13 ta koma kamar 18. Kuma takardar da ke ɗauke da sunanta da ranar haihuwarta ce za ta ɗora a shafin da ba ta san mai shi ba. In dole ne, matsakaici, sannan ta buɗe ta ƙara girma zuwa 200%, ta ga ko makin da lambar diflom da sa hannu suna fita.

Malama: Ni ban yarda da toka-tokar nan ba. Hatimin legalize shuɗi ne, in ya fito ba kala mai dubawa zai ɗauka fotokofin fotokofi ne. A yi kala a 150 dpi, zai shiga 2 Mo. Ɗiyata, me sanarwar ta ce, kala ko a'a?

Mai tambaya: Malama ban ga inda aka faɗa ba. Kuma WhatsApp ɗin ba laifina ba ne, haka kowa ke yi a nan. Siber ɗin ma da nisa, ga kuɗin kabu-kabu.

Baban Nana: Ni nawa ma 800 Ko ne aka ƙi shi, rizo ne kawai, mutanen nan ba sa son talaka ya samu. Ki bari sai biyun dare.

Malama: Baban Nana, rizo ba ya rubuta "Format non valide". Naka ka duba sunansa, wasu shafukan ba sa son tazara ko é ko alamar ' a ciki. A rubuta diplome_releves.pdf kurum.

Mai siber a Yamai: WhatsApp matse hoto yake yi in an tura shi a matsayin hoto. Ta "Document" ake turawa, ya isa yadda yake. In ba za ki koma siber ba, Google Drive na wayar Android yana yin sikan ya ba ki PDF. Ki shimfiɗa takardar a inuwa da rana, ba fulash, wayar a saitin tsakiyarta, kusurwa huɗun duk su fito, ki ƙara shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin ki adana. Malama, a 150 ƙananan rubutun ƙasan takardar sakamako ba ya fita, na tsaya a 200.

Malama: Ni ma na tsaya a kala.

Mai tambaya: Kamarar wayata ta tsage. Wancan na WhatsApp ɗin fa ina iya karanta shi, ba yadda za a maida shi PDF ɗin haka nan?