Turaren da na aika Birtaniya ya dawo sau biyu

Assalamu alaikum. Ina sayar da turare a Kantin Kwari, kuma wata kwastoma a Birtaniya ta yi odar humra kwalba shida da turaren wuta. Sau biyu kayan suna dawo mini.

Na farko ko Legas bai wuce ba. An manna wa kwalin takarda mai cewa `Class 3 Flammable Liquid`, wai humrar tana da sinadarin alkohol mai kama wuta, jirgin sama ba ya ɗauka haka kawai. Sai na cire humrar, na bar turaren wuta kaɗai, na rubuta `incense` a takardar kwastan. Wannan ya isa can, amma aka riƙe shi kwana goma sha ɗaya, aka ce akwai itacen oud a ciki, sai an nuna takardar CITES, wato izinin fitar da itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu. Ni dai sari na yi daga hannun dillali, ba wata takarda da ya ba ni. Kuɗin aike ya tafi, kwastoma tana neman kuɗinta.

Don Allah, wanda ya taɓa fitar da turaren wuta mai oud waje: a ina ake samun wannan takardar CITES a Najeriya? Na gode.