Makin da ’yan guruf suka ba ni ne ya hana ni A?

Hauwa: Mu biyar ne a guruf a nan Jos, aikinmu ya ci 16 cikin 20, amma da aka sa makin da muka ba juna sai na tashi da 14. Wai maki biyu ba komai ba ne, ni kuwa na ga B. Gaskiya ne?

Bello: Ƙanwata, ki kwantar da hankali. Kwas ɗin maki 100 ne, jarrabawa kaɗai 60. Biyu cikin ɗari ba ya kayar da kowa.

Malam Sani: Bello, ya danganta da inda ta tsaya. Hauwa, nawa suka ba ki, kuma nawa sauran suka samu?

Hauwa: Ni 6 cikin 10, Malam. Sauran 9, 9, 8, 8.

Malam Sani: To, jimla 40, a raba biyar, matsakaici 8. Naki 6 a kan 8 ya ba da 0.75. Da alama lakcaran ya bar rabin makin bai taɓa ba, wato 8, ya ninka ɗaya rabin da 0.75 ya zama 6, shi ne 14 ɗinki. Da duka ya ninka, 12 za ki gani. Masu 9 kuwa sun tashi da 17. Ki tara na kowa, 17, 17, 16, 16 da 14, za ki samu 80, daidai da 16 sau biyar. Biyun da kika rasa aljihunsu ya shiga.

Zainab: Shi ya sa mu muka haɗa baki a shagon buga takardu a Faringada, kowa ya ba kowa 10, makinmu ya ƙaru.

Malam Sani: Bai ƙaru ba, ’yata. 10 a kan 10 ɗaya ne, kowa ya koma makin guruf. Wanda ya kwana yana aikin shi aka cuta.

Hauwa: Tes na ci 13, jarrabawa 42.

Malam Sani: Kin ga 13 da 42 da 14, 69 ke nan. Da 16 ne, 71. A daga 70 take farawa, don haka kin sauko daga maki 5 zuwa 4. Idan kwas ɗin yunit 3 ne cikin 18 na zangon, ji-fi-e ɗinki ya ragu da kusan 0.17. Wanda ya sauko daga 66 zuwa 64 ko a jikinsa.

Bello: Na yarda a nan. Amma Malam, da ta ƙara ɗaya a jarrabawa ai magana ta ƙare. Me ya sa sai guruf za a ɗora wa?

Hauwa: Yaya Bello, jarrabawa da hannuna na rubuta. Wannan kuwa mutum biyu ɗakinsu ɗaya, kuma ni na tattara bayanan.

Malam Sani: Ki nemi lakcaran ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Idan biyu sun ba ki 4, biyu sun ba ki 8, akwai abin tambaya. Idan duk huɗun 6 suka rubuta, da wuya ya canza.

Zainab: Ai ba ya nuna wa ɗalibi wa ya rubuta me.