Inna ta ga "vie privée et familiale" a katina, tana zaton na yi aure a ɓoye

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Liyon, karatu ne ya kawo ni Faransa. Da sabon katina na zama ya fito, sai na tura wa ƙanwata hotonsa su taya ni murna. Jiya sai ga wasiƙar Inna, ƙanwar ce ta rubuta mata:

"Babana, gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, an karanta mini rubutun da ke jikin katinka, vie privée et familiale. Yaron maƙwabta ya ce wai rayuwar ɓoye da iyali ke nan. Na farkon da ka nuna mana ai ɗan makaranta aka rubuta. Wane iyali ne wannan da ni ban san da shi ba? Ka gaya mini ma'anarsa da bakinka, kar in ji a bakin duniya."

Wallahi ban yi aure ba. Me zan rubuta mata?

Na Barira:
Hhh malam, mu dai ba Inna ba ne, ka faɗa mana gaskiya. Duk wanda na sani da wannan katin, ko dai ya auri Bafaranshiya ko ya haihu da ita. Ba a ba gwauro. In an ɗaura ne ka kira tsohuwa ka ba ta haƙuri, fushin uwa ba ya daɗewa in ta ji jika na hanya.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Na Barira, rabin maganarka daidai ne. Wanda ya auri 'yar ƙasa da wanda yake da ɗa ɗan ƙasa, duk wannan rubutun ne a katinsu. Amma ba su kaɗai ba ne. Matar da mijinta baƙo ya ɗauko ta daga gida ta hanyar haɗa iyali, shi ake ba ta. Wanda ya daɗe a ƙasar har zamansa ya yi jijiya, ana iya ba shi. Haka mara lafiyar da aka yarda ya zauna don jinya. Gwauraye da yawa suna yawo da shi a aljihu.

Yaron maƙwabtan nan a kalma ɗaya ya karkace. Privée a nan ba ɓoye take nufi ba. Abin da ya shafi mutum shi kansa ne, wanda ba aikin ofis ba, ba kuma karatu ba: lafiyarsa, gidansa, mutanen da ya shaƙu da su. Jimlar ma ba don kai aka tsara ta ba. Daga sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta 1950, aka ɗauko ta, inda aka ce a mutunta rayuwar mutum ta kansa da ta iyalinsa. A 1998 Faransa ta mai da ita sunan wani rukuni na katin zama. Wato tambayar da rubutun ke amsawa ita ce: da wane dalili aka bar wannan baƙon ya zauna? Wani an rubuta masa étudiant, karatu ne dalilinsa. Wani salarié, aikin albashi ne. Kai kuma dalilinka wani abu ne da ya shafe ka kai kanka, kuma katin ba ya fayyace ko mene ne.

Ka duba layin da ke biye, za ka ga autorise son titulaire à travailler, ma'ana mai katin yana da izinin yin aiki. Wannan ka fara karanta wa Inna. Da katin ɗalibi awa 964 kawai aka yarda ka yi a shekara. Da wannan kuwa za ka yi cikakken aiki, kuma mai ɗaukarka ba sai ya je neman maka izini ba.

Sai dai akwai abin da ba ka faɗa ba. Ba a tashi haka kawai a sauya wa ɗalibi rukuni. Kai ka nema, da dalilin da ka kai musu. Inna ta riga ta lura na farko da na biyu ba ɗaya ba ne, ko ka fassara mata kalmomin za ta sake tambaya.

Maman Hanifa:
Ni ta aure na samu nawa, kuma duk wanda ya ce abin ɓoyewa ne bai taɓa sabuntawa ba. Sai da muka kai takardar haya da ta wuta masu sunanmu mu biyu, da takardar haraji, maigidan ya sa hannu cewa muna tare har yanzu. Shekara ɗaya suka fara ba ni, daga baya na samu na shekara biyu. Wata da na sani sun rabu da mijin kafin lokacin sabuntawa, ta sha wahala ba kaɗan ba. Ka ce wa Inna da aure ne da tuni takardu sun tona ka.

Ɗan Maraɗi:
Malam Isufu, ka taɓo inda nake gudu. Ciwon ƙoda aka gano mini ina tsakiyar karatu, yanzu wankin ƙoda ake mini sau uku a mako, karatun ma ya tsaya. Da takardun asibiti na samu katin. Inna tana da hawan jini, ban gaya wa kowa a gida ba, har ƙanwar tawa.

Na Barira:
Subhanallahi. Ka yafe mini ɗan'uwa, na yi maka wasa a inda bai dace ba. Allah ya ba ka lafiya.

Malam Isufu:
Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. To bari in gaya maka abin da katin zai iya tonawa da wanda ba zai iya ba.

Ba zai tona ciwon ba. Takardar da likitanka ya cike ba ta je hannun ma'aikatan firefektir, wato ofishin gwamnatin da ke ba da katin zama ba, likitocin OFII, hukumar Faransa mai kula da shigowar baƙi, aka aika wa. Su uku suke duba bayanin su ba da ra'ayi: shin rashin magani zai jawo maka mummunan sakamako, kuma shin za ka iya samun maganin da ya dace a ƙasarku? Amsar kawai suke miƙa wa hukuma, da tsawon lokacin da suke ganin jinyar za ta ɗauka, ban da sunan cutar. Shi ya sa naka da na Maman Hanifa rubutu ɗaya ne. Ko farfesan Faransanci aka kai wa hoton a Maraɗi, iyakar abin da zai ce shi ne ɗaya ne daga cikin dalilan nan da na lissafa.

Amma a kula, wanda ya san tsarin zai iya yin lissafi. Ba aure, ba ɗa, ba ka daɗe a ƙasar ba, me ya rage? In hoton ya faɗa hannun wani da ya taɓa zama a nan, zai iya ganewa. Shi ne jin a bakin duniya da take gudu.

Ni da ni ne, a yau zan rubuta abin da duk gaskiya ne, ko da bai cika ba:

"Inna, ban yi aure ba, ba ni da ɗa, ba kuma zan yi ba tare da saninki da albarkarki ba. Rubutun nan sunan irin katin ne, mutane da yawa marasa aure suna da shi. Ba ɓoye yake nufi ba, yana nufin an bar ni in zauna saboda wani dalili nawa na kaina, kuma an ba ni izinin aiki. Dalilin zan gaya miki a waya ranar Juma'a, ya fi ƙarfin takarda."

Ka ga ka kashe maganar aure, ba ka yi ƙarya ba, ka kuma sa wa kanka rana.

Sai abin da ya shafe ka kai. Irin wannan katin yana rataye ne da jinyar. Duk sabuntawa sai an sake bi ta wajen likitocin nan, kuma na farko da suka yarda ba ya tilasta musu yarda a na biyu. Ka shigar da takardunka tun saura wata huɗu zuwa biyu katin ya ƙare, kar ka jira makon ƙarshe, ka kuma sanar da likitanka da wuri don nasa ɓangaren yana cin lokaci. Kowane asibiti yana da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ka riƙe ta da kyau, sun san wannan hanyar fiye da mu.

Hajiya Turai:
Malam Isufu, ban yarda da "zan gaya miki ranar Juma'a" ba. Ni uwa ce. Ka ce wa mai hawan jini akwai maganar da ta fi ƙarfin takarda, sannan ka bar ta kwana uku tana saƙa da warwara? Ba za ta runtsa ba. Yaro, ka fara kiran kawunka ko wani babba da take jin maganarsa, ka gaya masa komai. Ya je ya zauna kusa da ita, sannan ka kira ta da bidiyo ta ga fuskarka, ta ga kana tsaye da ƙafafunka kana magana. Ka fara da cewa ana maka magani kuma kana samun sauƙi, in har haka ne, kafin ka ambaci sunan ciwon. Addu'arta ma kana bukata, ka hana kanka ita tsawon wannan lokaci.

Abdu Direba:
Ni tambaya ce da ni. Tunda an rubuta iyali a jiki, ba zai iya ɗauko Innar ta zo ta yi jinyarsa ba?

Malam Isufu:
A'a Abdu. Haɗa iyali a dokarsu mata ko miji ne da 'ya'yan da ba su kai 18 ba, uwa ba ta ciki. Abin da ya rage mata bizar ziyara ce ta kwana 90, shi ya karɓo takardar masauki daga ofishin magajin gari ya aika mata, ta yi inshorar lafiya. Ga shi kuma tun farkon 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai, abin ya ƙara nisa. Kar a sa mata rai da wannan tukuna.

Hajiya, na ji maganarki, kin fi ni sanin zuciyar uwa. Ni tsorona kar a ce sai an shirya kawu, mako ya zama wata, ita kuma tana can da zancen kishiyar da ba ta san da ita ba.

Hajiya Turai:
Suruka dai Malam, ba kishiya ba! Kuma kawu waya ɗaya ce.

Saratu:
Wani abu da ba wanda ya faɗa: ka sa ƙanwarka ta goge hoton, ta kuma tambayi yaron maƙwabtan ko an tura masa a wayarsa. Lambarka ta baƙo tana jiki, da ranar haihuwa da hotonka. Ba a barin irin wannan yana yawo.

Ɗan Maraɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa Inna rabin farko na abin da Malam ya rubuta, na cire maganar Juma'a. Ƙanwata ta ce ta yi hamdala, amma ta ce a tambaye ni to karatun fa, an gama ne? Ban amsa ba tukuna. Kawun nawa ba ya riƙe magana, in na gaya masa da safe kafin azahar dangi sun ji. Akwai yayar Inna a Tasawa, ita nake tunani, sai dai ita ma ba ta da ƙoshin lafiya. Gobe ina da asibiti, in na fito zan gwada kiran ta.